Yadda ake daidaita adadin kalori duk bayan mako biyu ta hanyar matsakaicin nauyin mako

Duk wanda ya taɓa neman rage ƙiba ya san halin sikeli. Yau ya nuna an ragu, gobe ya nuna an ƙaru da kusan kilo guda, alhali ba a sauya komai a cimaka ba. Wannan hawa da sauka shi ke sa mutane da dama su zabge abincinsu ba gaira ba dalili, ko su fid da rai tun tafiya ba ta yi nisa ba. Hanyar da masana abinci mai gina jiki ke bi ita ce a daina yanke hukunci da awon rana ɗaya. Ana tara awon kwana bakwai a fitar da matsakaicinsa, sannan a duba inda matsakaicin ya dosa bayan mako biyu kafin a taɓa adadin kalorin da ake ci.

Dalilin kuwa shi ne, akasarin bambancin da ake gani tsakanin jiya da yau ba kitse ba ne, ruwa ne da kuma abin da ke cikin hanji. Abinci mai gishiri, irin su tsire da kilishi, yana sa jiki ya riƙe ruwa. Haka ma tuwo ko shinkafa mai yawa, domin sitacin da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka yana tafiya ne da ruwa, kimanin giram 3 a kan kowane giram ɗaya. Nauyin babban mutum kan iya motsawa da kilo ɗaya zuwa biyu a 'yan kwanaki saboda waɗannan kaɗai. Kitse kuwa a hankali yake tafiya: kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kimanin kalori 7,700, don haka ba mai tara shi a dare ɗaya.

Awon da za a dogara da shi sai an yi shi iri ɗaya kullum: da safe, bayan an kama ruwa, kafin a ci ko a sha, da tufafi marasa nauyi, a kan sikeli ɗaya. A ajiye sikelin a kan siminti ko tayil, domin darduma da kafet suna sa shi ƙarya. In an tsallake rana ɗaya ko biyu ba laifi, sai a raba jimillar da yawan kwanakin da aka auna. Amma awo ƙasa da huɗu a mako ba ya ba da matsakaicin kirki.

A ɗauki misalin wani magidanci da ke son rage rabin kilo a mako, ya kuma tsayar wa kansa kalori 2,300 a rana. A makon farko sikeli ya nuna masa kilo 92.4, 91.9, 92.2, 91.6, 91.8, 92.5 da 91.6. Da a ce Alhamis da Asabar kaɗai ya duba, wato 91.6 da 92.5, da ya ɗauka ya ƙaru da kusan kilo guda a kwana biyu. Amma jimillar awon bakwai 644 ce, in aka raba da 7 a samu 92.0. Wannan shi ne mafarinsa. Mako na biyu matsakaicin ya zama 91.8, na uku 91.6. A lura cewa kafin a ga tafiyar mako biyu sai an tara matsakaici uku, na farkon ma'auni ne kawai.

To, ya ragu da kilo 0.4 a mako biyu, wato 0.2 a mako, ƙasa da rabin abin da yake nema. Daga nan lissafin ba wuya. A ninka 0.2 da 7,700 a samu 1,540, a raba da kwana 7 a samu 220. Ma'ana, abin da jikinsa ke ƙonawa ya ɗara abin da yake ci da kimanin kalori 220 a rana, don haka adadin da zai riƙe nauyinsa a wuri ɗaya yana kusa da 2,520. Rage rabin kilo a mako yana buƙatar giɓin kalori 550 a rana. Saura 330 ke nan.

A nan ne ake yawan yin kuskure. Lissafi ya ce 330, amma bai kamata ya cire su duka a lokaci guda ba. Lambar 7,700 ƙiyasi ce, mako biyu kuma gajeren lokaci ne, mai yiwuwa ruwan da jiki ya riƙe ya ɓoye wani ɓangare na ragin da aka samu. Abin da ya fi dacewa shi ne a cire kalori 100 zuwa 200, a jira wani mako biyun. Magidancin namu ya koma 2,100. A aikace hakan bai wuce barin kwalbar lemo ɗaya, mai kalori kusan 150, da rage ƙananan cokula uku na sukari a shayi ba. Mako biyu da suka biyo baya matsakaicin ya nuna 91.2 da 90.8, wato kilo 0.4 a mako. Ya kusa isa inda yake so, saboda haka ba zai taɓa komai ba a wannan zagayen. Barin adadin yadda yake shi ma hukunci ne, kuma shi ne za a fi yankewa a yawancin zagaye.

Idan kuwa ragin ya zarce kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin jiki a mako, kamar fiye da kilo 0.9 ga wannan mutum, ga kasala da rashin barci da yunwar da ba ta lafawa, sai a mayar da kalori 100 zuwa 150, domin saurin ramewa yakan tafi da tsoka. Banda makon farko na rage abinci, wanda ruwa ne ke zuba a cikinsa. Mai neman ƙara ƙiba ma haka zai bi, sai dai ya juya lissafin.

Kafin a rage adadi saboda nauyi ya tsaya cak, a fara tuhumar rubutun abin da ake ci. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ya kai kalori 120, kuma da wuya a samu mai ƙirga man da ke cikin miya ko wanda ƙosai ya sha. Mai ci a faranti ɗaya da iyali ƙiyasi kawai yake yi. Abin sha'awa shi ne, hanyar tana aiki ko da ƙiyasin yana da kuskure, muddin kuskuren iri ɗaya ne kullum. Wanda ke bin tsari Litinin zuwa Juma'a ya sake jiki a bikin ƙarshen mako kuwa, ba adadin ne matsalarsa ba, rage shi kuma ƙara masa wahala kawai zai yi.

Akwai lokutan da mako biyu ba ya isa. Mata da yawa kan riƙe ruwa gab da al'ada, don haka ya fi musu su kwatanta makon da suke ciki da takwaransa na watan da ya wuce. Wanda ya fara ɗaga ƙarfe ko wani motsa jiki mai nauyi zai iya ganin sikeli ya tsaya na ɗan lokaci alhali ƙugu yana raguwa, shi ya sa awon ƙugu da tef sau ɗaya a mako yake da amfani. Makon farko na azumi, makon Sallah, tafiya da rashin lafiya duk suna dagula awo, gara a ajiye su gefe a jira abubuwa su daidaita.

Ragin kuma yana da iyaka. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada mace ta sauka ƙasa da kalori 1,200 a rana, namiji ƙasa da 1,500, sai da kulawar likita. In an kusa kai nan, a ƙara tafiyar ƙafa maimakon rage abinci. Masu juna biyu, masu shayarwa, yara, da waɗanda tunanin nauyi ya taɓa hana su cin abinci yadda ya kamata, wannan hanya ba tasu ba ce. Mai ciwon suga da ke shan magani ko allurar insulin ya tuntuɓi likitansa tukuna, domin rage abinci na iya faɗar da sugansa. Nauyin da ya hau da kilo biyu a 'yan kwanaki tare da kumburin ƙafa ko sarƙewar numfashi, da kuma ramar da ta zo ba tare da an neme ta ba, asibiti ake kai su.