Konzo: Cutar Ɗaurin Ƙafa da Gubar Rogo Mai Ɗaci

Konzo cuta ce da ke sandarar da ƙafafun mutum farat ɗaya, kuma ba ta warkewa. Yaro kan kwanta lafiya lau, gari ya waye ƙafafunsa biyu sun yi nauyi sun ƙage, idan ya miƙe sai ya riƙa tafiya a kan yatsu, dugadugansa ba sa taɓa ƙasa, gwiwoyinsa suna gugar juna. Kalmar ta fito ne daga harshen Yaka na kudu maso yammacin ƙasar Kongo, ma'anarta kuwa ɗaurarriyar ƙafa. Ta bambanta da shan inna, wadda ke sa ƙafa ta saki ta yi laƙwas. Ita konzo ƙafar tauri take yi, domin abin da ya lalace shi ne jijiyoyin da ke sauko da umarnin motsi daga ƙwaƙwalwa ta cikin laka.

Likitan da ya fara rubuta bayaninta shi ne Giovanni Trolli, ɗan ƙasar Italiya, a shekarar 1938. Ya tattara rahotannin annobar da ta ɓarke a yankin Kwango, lokacin ƙasar tana hannun Beljiyam. An lura tun a lokacin cewa mutanen yankin ba su da abinci sai rogo, amma maganar ta kwanta shekaru da dama.

Fari ne ya sake tayar da ita. A 1981 ruwa ya ɗauke a lardin Nampula na arewacin Mozambik, amfanin gona ya ƙone, rogo mai ɗaci kaɗai ya tsira. Cikin 'yan watanni mutum fiye da 1,000 suka shanye, akasarinsu mata da yara. Mutanen wurin suna kiran ciwon mantakasa. Da farko an yi tsammanin wata ƙwayar cuta ce mai yaɗuwa, to amma masu bincike, ciki har da Hans Rosling ɗan Suwidin da Julie Cliff, suka bi sawu har cikin tukunya. A al'adar yankin, rogo kan yi makonni yana shan rana kafin a daka shi. Yunwa ta sa an daina jira: a tono, a farfasa, a shanya kwana ɗaya ko biyu, a tuƙa. Bayan wannan an ga cutar a gundumar Tarime ta Tanzaniya, da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Kamaru, ta kuma sake dawowa Mozambik a ƙarshen yaƙin basasa, wajen 1992.

Gubar da ke bayan wannan duka tana cikin kowane rogo, yawanta ne ya bambanta. Tsiron yana ajiye wani sinadari mai suna linamarin, ya kuma ajiye wani mai narkar da shi, linamares, a wani ɓangare dabam na ƙwayoyin jikinsa. Muddin saiwar ba ta fashe ba, ba sa haɗuwa. Da zarar an gurza ta, ko ta jiƙu ta yi laushi, sai su gauraya, linamarin ya rushe ya saki sayanayid. Wannan guba tana zama tururi da zafin da bai wuce digiri 26 ba, saboda haka shanya da suya suna korar ta. Sarrafa rogo ke nan a taƙaice: a fasa shi, a ba shi lokaci, a bar gubar ta tashi. Dafawa kai tsaye ba ta wadatar wa mai ɗaci, domin zafi yana kashe linamares tun bai gama aikinsa ba, ya bar ragowar linamarin a cikin abinci.

Dafaffen rogon da ake ci da garin ƙuli a Kongo ta Tudun Wadar Zariya mai zaƙi ne, irin wanda gubarsa ba ta kai miligiram 50 a kilo ɗaya ba. Mai ɗaci kuwa yakan ninka haka sau da yawa, fari kuma yana ƙara masa. Manomin da ƙasarsa ta gaji yana son sa duk da haka, saboda yana jure ƙarancin ruwa, biri da ɓarawo kuma ba sa kusantarsa.

Jikin mutum yana da hanyar kare kansa. Hanta tana haɗa sayanayid da sinadarin sulfa, ta mayar da shi tayosayanet, wanda ke fita ta fitsari. Sulfar kuwa daga abinci mai gina jiki take zuwa, kamar kifi da nama da ƙwai da gyaɗa da hatsi, rogo ba shi da ita sai kaɗan. Ma'aunin da hukumomin abinci na duniya suka amince da shi ga garin rogo shi ne miligiram 10 a kilo. Idan garin wani gida ya kai 50, mai shayarwar da ke cin rabin kilo a yini tana haɗiyar miligiram 25 kullum, alhali babu abin da zai ba hantarta kayan aiki. 'Yan makonni a haka na iya kawo ciwon. Shi ya sa masu bincike ke auna tayosayanet a fitsarin 'yan makaranta don gane ƙauyen da ke cikin haɗari.

Labarin da ya fi nuna yadda abin ke faruwa shi ne na lardin Bandundu, inda Thorkild Tylleskär da abokan aikinsa 'yan ƙasar suka yi bincike a farkon shekarun 1990. A can babu fari, babu yaƙi. Hanyar kwalta ce ta haɗa yankin da Kinshasa, 'yan kasuwa suka fara zuwa da manyan motoci sayen busasshen rogo. Matan ƙauye sun gaji hanya mai kyau daga iyayensu: a ɓare rogo, a jiƙa shi cikin ruwa dare uku har ya yi laushin da yatsa zai nutse a ciki, sannan a shanya. Mota kuwa ba ta jira. Sai jiƙon ya koma dare ɗaya ko biyu, ana tsamo rogon tsakiyarsa da tauri. Daga cikinsa ake sayarwa, daga cikinsa ake tuƙa na gida. Mutanen birni da ke haɗa shi da kifi da miya sun tsira, 'ya'yan masu sarrafawar ne suka nakasa. Matan nan sun san aikinsu sarai, talauci ne ya ƙwace musu lokaci.

Maganin rigakafi mafi sauƙi ya fito ne daga Howard Bradbury, masanin sinadarai a Ostireliya. A kwaɓa garin da ruwa, a baza shi siriri kamar kaurin yatsa, a bar shi awa biyar a inuwa ko awa biyu a rana, sannan a tuƙa. Ruwan yana farkar da linamares da ya rage, gubar ta tashi. An koya wa matan ƙauyen Kay Kalenge na Bandundu wannan dabara a 2010, sababbin kamu suka tsaya. Waɗanda suka riga suka nakasa kuwa sai dai sanda da motsa gaɓɓai.

A Nijeriya, wadda ta fi kowace ƙasa noman rogo, abin da aka rubuta shi ne wata cuta 'yar uwar konzo. A shekarun 1960 Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan ya bayyana ta a ƙasar Ijebu da Epe: tana kama manya a hankali, da tangaɗi wajen tafiya, da mutuwar tafin ƙafa, da raunin gani da ji, bayan shekaru ana rayuwa a kan rogo. Garin kwaki da aka yi bisa ƙa'ida ba ya cikin abin tsoro, tunda an gurza, an matse cikin buhu kwanaki, an kuma soya. Inda ake buƙatar kula shi ne alabon da aka yi da rogo mai ɗaci, aka yanyanka aka shanya ba tare da ya sha jiƙo ba.