Lambar da ke ƙarshen layi: nazari kan karatun tsarin saƙar kwarashi

Gwagwalada gari ne da ya yi suna da zafi, amma duk da haka kwarashi ba ya hutawa a cikinsa. Idan hunturu ya kawo jiki ana neman hulunan jarirai da safa, kuma a tsakanin ɗaliban Jami'ar Abuja akwai masu saƙa jakunkuna da riguna suna sayarwa. Iyayenmu da ido suka koyi wannan sana'a: yarinya ta zauna kusa da mai yi, ta kalli hannu, ta kwaikwaya. Yanzu kuwa yawancin sababbin samfura ta waya suke zuwa, a rubuce da Turanci, cike da gajerun haruffa da taurari da lambobi. Na sha ganin ƙwararriyar mai saƙa, wadda za ta iya kwaikwayon hula da kallo ɗaya, ta ajiye wayar ta ce wannan rubutu ba nata ba ne. A ganina ba Turanci ne ya kayar da ita ba. Rubutaccen tsarin saƙa lissafi ne, kuma wadda ta gane lissafin ba ta bukatar kalmomin Turanci da suka wuce goma sha.

Rubuta saƙa a takarda daɗaɗɗen abu ne a Turai. Mujallar Penélopé ta ƙasar Holan ta buga bayanin saƙar kwarashi tun 1823. Da yake fili a shafi kuɗi ne, masu bugawa suka riƙa taƙaita kalmomi, har aka iso ga irin rubutun da muke gani yau. Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi daki-daki, wato tsakiyar kan hular jariri, wadda ake farawa daga tsakiya ana zagayawa:

```
Rnd 1: ch 3 (counts as dc), 11 dc in ring, join. (12)
Rnd 2: ch 3, dc in same st, 2 dc in each st around, join. (24)
Rnd 3: ch 3, 2 dc in next st, *dc in next st, 2 dc in next st; rep from * around, join. (36)
Rnd 4: ch 3, dc in next st, 2 dc in next st, *dc in next 2 sts, 2 dc in next st; rep from * around, join. (48)
```

Haruffan ba su da wuya. `Rnd` zagaye ne, `ch` sarƙa ce, `st` shi ne ƙulli ɗaya, `dc` kuma dogon ƙulli ne, wanda ake naɗa zare sau ɗaya a kwarashi kafin a soka shi. `join` na nufin a haɗe ƙarshen zagaye da farkonsa. Tauraro yana nuna inda maimaici ya fara, `rep from *` kuma na cewa a koma wurin tauraron a sake, har zagayen ya ƙare. Lambar da ke cikin baka biyu a ƙarshe ita ce adadin ƙullin da ya kamata a samu idan an gama.

Abin da ya fi muhimmanci a gane shi ne, kowane maimaici yana da lambobi biyu: abin da yake ci daga zagayen ƙasa, da abin da yake haifarwa a sabon zagaye. A zagaye na 3, maimaicin yana cewa a sa dogon ƙulli ɗaya a gurbi na gaba, sannan a sa biyu a gurbin da ke biye. Ya ci gurbi 2, ya haifi ƙulli 3. Zagaye na 2 ya bar mana 24. Idan aka raba 24 gida biyu-biyu an sami 12, kuma 3 sau 12 shi ne 36, daidai da abin da ke cikin baka biyu. Wannan ɗan lissafi ana iya yin sa da biro kafin a taɓa zare, kuma shi ke tona asirin tsarin da aka buga da kuskure, domin ba duk abin da ke yawo a intanet aka gwada ba. Idan abin da maimaici ke ci bai raba adadin ƙasa daidai ba, ko dai akwai ƙulli a wajen tauraron da ba a lissafa ba, ko kuma marubuciyar ce ta yi tuntuɓe.

A nan sai a lura cewa ba sau 12 za a yi abin da ke bayan tauraron ba, sau 11 ne. Na farkon an riga an rubuta shi daban kafin tauraro, saboda sarƙa uku ta farkon zagaye tana tsayawa a madadin dogon ƙulli ɗaya. Ma'anar `counts as dc` ke nan. Sarƙar ta ci gurbin farko, biyun da ke biye sun ci na biyu, an sami 3, saura gurbi 22 da za su ba da 33. Wannan sarƙa uku ita ce tushen yawancin rigimar ƙidaya. Wasu marubuta suna lissafa ta, wasu ba sa lissafawa, kuma galibi sau ɗaya tak suke faɗa, a farkon tsarin ko cikin bayanan da mutane ke tsallakewa don gaggawar fara aiki. Wadda ta manta cewa sarƙar ƙulli ce za ta ƙara wani a gindinta, ta gama da 37. Akwai kuma wata hanyar samun 37: ɗan ƙullin da aka haɗe zagayen baya da shi yana kama da gurbi, sai a soka kwarashi a ciki a ƙarshen zagaye. A saƙa mai layi miƙaƙƙe, kamar bargon jariri, wannan kuskure ne ke sa gefe ya riƙa faɗi ko tsukewa, bargon ya fita daga kusurwa huɗu.

Akwai alamar da ke bayyana tun kafin ƙidaya. Maimaicin zagaye na 3 yana ƙarewa ne da biyu a gurbi ɗaya, don haka dole gurbin ƙarshe na zagayen ya karɓi biyu. Idan aka iso ƙarshe aka tarar da guda ɗaya ne ya faɗo a kansa, to an tsallake wani abu a hanya, ko kuma zagayen ƙasa ba 24 ba ne. Sau da yawa laifin yana ƙasa, kuma warware zagaye ɗaya yanzu ya fi sauƙi a kan warware biyar gobe.

Zagaye na 4 yana ɗauke da tarkon da ya fi kama masu jin Turanci sama-sama, har ma da masu jinsa sosai. `2 dc in next st` da `dc in next 2 sts` kalmominsu kusan ɗaya ne, wurin zaman lambar ne kawai ya bambanta. Na farko yana nufin ƙulli biyu a gurbi ɗaya, wato ƙari. Na biyu yana nufin ɗaya-ɗaya a gurbi biyu, babu ƙari ko kaɗan. Idan lamba ta zo kafin sunan ƙulli, yawan abin da za a tara a wuri ɗaya take faɗa. Idan ta zo bayan `next`, yawan gurbin da za a taka take faɗa. Karatun daidai ya ci 3 ya haifi 4, kuma 36 ya ƙunshi uku-uku sau 12, saboda haka an sami 48. Wadda ta karanta su duka a matsayin ƙari za ta tashi da wajen 70, kuma tun kafin ta ƙirga za ta ga bakin saƙar yana lanƙwashewa kamar ganyen latas.

Me ya sa 12 ne ake ƙarawa kowane zagaye? Da'ira ce ta tilasta haka. Duk sanda faɗinta daga tsakiya ya ƙaru da tsayin ƙulli ɗaya, kewayenta yana ƙaruwa da wajen ninki 6.28 na wannan tsayi. Gajeren ƙulli, wanda tsayinsa da faɗinsa suka kusa zama ɗaya, ƙarin 6 yake bukata. Dogon ƙulli ya kai kusan ninki biyu a tsayi, shi ya sa yake neman 12. Idan ƙarin ya gaza, saƙar za ta tashi ta zama ƙoƙo, kuma da gangan ake amfani da wannan: daga inda aka daina ƙari, daga nan gefen hula ke fara saukowa.

Sai dai lambar ƙarshen layi tana da iyaka, kuma na fi damuwa da wannan fiye da sauran, domin a nan ne mai saƙa ke ƙirgawa ta ga komai daidai amma aikin ya lalace. Turawan Amurka da na Ingila suna amfani da haruffa iri ɗaya ga ƙulli daban. `dc` na Amurka shi ne dogon da muka bayyana, amma a tsarin Ingila `dc` gajeren ƙulli ne, wanda Amurkawa ke rubutawa `sc`, dogon kuma su `tr` suke ce masa. Wadda ta saba da karatun Ingila ta ɗauki misalinmu za ta sami 12, 24, 36, 48 cif, amma da gajerun ƙulli, ana ƙara musu ninki biyu na abin da da'irarsu ke iya ɗauka. Sakamakon ɗan ƙaramin abu ne mai tattare-tattare. Hanyar ganewa ita ce a duba tsarin gaba ɗaya: in akwai `sc` ko `hdc`, na Amurka ne, in akwai `htr`, na Ingila ne. Tsayin sarƙar farko ma shaida ne, domin sarƙa uku dogon ƙulli take rakawa, gajere kuwa sarƙa ɗaya ta ishe shi.

Iyaka ta biyu ita ce girma. Lamba ba ta san kaurin zaren da ke hannu ba. Kan jaririn da aka haifa a kan kari yana kai wajen santimita 34 zuwa 35 a kewaye. Tsarin da ya tsaya a 48 ya ɗauka cewa ƙulli 14 ne ke cika santimita 10, domin a haka ne 48 ke ba da kusan 34. Zaren ulu da aka fi samu a kasuwanninmu yakan zo siriri, shi ya sa da yawa ke haɗa shi biyu. Idan aka yi da sili ɗaya har ƙulli 20 suka shiga santimita 10, to 48 ɗin santimita 24 kawai za ta bayar. Na taɓa yin wannan kuskure da hular barka: ƙidaya ta cika a kowane zagaye, amma da na kai ta gidan suna ko rabin kan yaron ba ta rufe ba. Gyaran shi ne a ci gaba da bin dokar da tsarin ya nuna. Zagaye na 5 zai ci 4 ya haifi 5, a sami 60, sannan a na 6 a watsa ƙari 8 kawai a kai 68, wanda shi ne santimita 34 a wannan zare. Kafin a daina ƙari sai a shimfiɗa faifan a auna shi da tef daga gefe zuwa gefe. Idan aka raba 34 da 3.14 ana samun kusan 11, don haka faifan da ya kai santimita 11 ya isa a fara sauko da gefe, ko da lambar da ke hannu ta saɓa wa wadda ke cikin baka biyu.