Tahƙiƙi Kan Maudu'i Kafin A Sake Shi Duniya

Tun shekarar 2007 da Chris Messina ya kawo shawarar a riƙa sa alamar # gaban kalma a dandalin Tiwita, domin a tattara zantuka masu jigo ɗaya wuri guda, wata mas'ala ta ɓullo wadda marubutan dā ba su san ta ba. Na'ura ba ta san lugga ba, haruffa kaɗai take dubawa, kuma duk waɗanda haruffansu suka zo ɗaya sai ta haɗa su zaure guda, ko da wani Bahaushe ne wani mutumin Sifen. Wannan ne dalilin da ya sa nake ganin binciken maudu'i, wato kalmar da aka sa wa alamar #, kafin a sake shi wajibi ne a kan duk wanda ke magana da yawun jama'a.

A shekarar 2012 masu tallan fim ɗin The Hobbit a ƙasar Suwizalan sun liƙa wa sunan haruffan ch, waɗanda su ne alamar ƙasarsu a intanet, aka sami #hobbitch. Su dai suna ganin sunan fim da na ƙasa, amma mai jin Turanci da ya duba haruffa biyar na ƙarshe sai ya ga lafazin da ake zagin mata da shi. Aibin ya fito ne daga mahaɗar kalmomin biyu, inda ƙamus ba ya leƙawa.

Mu ƙaddara wata ƙungiya ce a Zariya take son tallata ɗinkin hula da saƙar matan unguwa, ta zaɓi kalmomi biyu, sana'a da mata. Matsala ta farko ta rubutu ce, domin maudu'i ba ya karɓar tazara, kuma alamar hamza tana yanke shi, ta yadda idan aka rubuta #Sana'a, na'ura za ta ɗauki #Sana kawai ta watsar da saura. Idan kuwa aka cire hamzar aka rubuta #Sanaa, to an faɗa cikin labaran babban birnin Yaman, hotunan huluna su cakuɗe da na yaƙi da rusassun gidaje, alhali a Sawahilanci kuma kalmar tana nufin fasaha. Shi ma #Mata bai tsira ba: a harshen Sifaniyanci ma'anarsa "yana kashewa" ko "kashe", a harshen Indunusiya ido ne, sannan sunan ɗan ƙwallon nan ne Juan Mata. Babu batsa a ko ɗaya, amma saƙon ya nutse cikin zancen da bai shafe shi ba, kuma wannan hasarar ta fi yawan aukuwa a kan ta alfasha, duk da ba a cika ambatonta ba. Ta alfashar ma tana nan kusa, domin kalmar "kuma", wadda ba ma iya jera magana ba tare da ita ba, a Sawahilanci sunan al'aurar mace ce da ake ashar da shi.

Mafita ga wannan ƙungiya ita ce ta tsawaita, alal misali #SanaarHannunMata, wanda da wuya ya yi karo da wata lugga. Sai dai tsawo yana ƙara mahaɗai, saboda haka a sake rubuta shi duka da ƙananan baƙaƙe, #sanaarhannunmata, a bi shi harafi harafi ana yankawa a wurare dabam dabam, tunda dandalin ba ya bambanta babban baƙi da ƙarami, kuma masu yaɗawa ba za su kiyaye yadda aka tsara shi ba. Haka nan a gwada kowane maudu'i ba tare da lanƙwasa ba, don da yawa za su rubuta k a madadin ƙ, ƙasa ta koma kasa.

Bayan haka a nemi maudu'in a kowane dandali daban, a karanta sababbin saƙonni, kada a tsaya ga waɗanda suka yi fice, a lura da harshen da ya rinjaya da irin hotunan da ke fitowa. Fassarar na'ura ba hujja ba ce a nan, domin harshe ɗaya take zaɓa, kuma ta kan jahilci karin maganar matasa da zaurancen 'yan tasha, inda mafi yawan batsa take ɓuya.

Mai jayayya zai ce harsunan duniya sun kai wajen 7,000, wa zai iya bin su? Gaskiya ne, kuma ba a kallafa wa kowa hakan ba. Abin da ake nema shi ne a auna inda saƙon zai kai: ga matan Zariya, Turanci da Larabci da Faransanci saboda maƙwabtanmu na Nijar da Kamaru da Chadi, sannan Yarbanci da Ibo da Fulatanci da Turancin buroka. A sami ɗan harshe a kowanne, matashi ya fi, a nuna masa rubutun ba tare da an gaya masa manufa ba, a tambaye shi abin da ya fara zo masa a rai.