Dabarar Igiyar Takalmi

(suna, mace) Hanya ce ta lissafin faɗin fili mai miƙaƙƙun gefuna daga lambobin (x, y) na kusurwoyinsa. Akan jera kusurwoyin bi da bi, a maimaita ta farko a ƙarshe. Sai a ninka x na kowace kusurwa da y na mai bi mata, a tara. A ninka y ɗinta da x na mai bi mata, a tara. Rabin bambancin jimlolin biyu shi ne faɗin.

Misali: (1,1), (5,2), (3,6). Jimla ta farko 2+30+3=35, ta biyu 5+6+6=17. Bambanci 18, faɗi 9.

Hattara: a bi gefen filin daki-daki, don in gefuna suka gitta juna, amsar ba za ta yi daidai ba.