Furofoma da Inbois na Haraji: Yadda Ake Bambanta Su Kafin a Shigar da Su Littafi

Ɗan kasuwar da ke sayar da kayan gini a Faskari ko Sheme, wanda ke saro siminti da kwanon rufi daga dillalan Funtuwa, yakan karɓi takardu iri biyu masu kama da juna a kan ciniki guda. Dukkansu suna ɗauke da tambarin kamfani, da jerin kaya, da farashi, da jimilla a ƙasa, wani lokaci har da hatimi da sa hannu. Ɗaya ana kiranta furofoma, ɗayar kuma inbois na haraji. Ta farko tayin farashi ce kawai, ta biyu ita ce shaidar cewa ciniki ya faɗa kuma bashi ya hau kan mai saye. Akawun da ya shigar da ta farko cikin littafin kashe kuɗi ya rubuta abin da bai faru ba.

Furofoma takarda ce da mai sayarwa ke bayarwa kafin kaya su bar wurinsa, domin mai saye ya san abin da zai biya idan ya amince. Kalmar daga Latin ta fito, ma'anarta abin da aka yi don fitar da siffa. Mai saye na iya fasawa, yana iya rage yawan kayan, mai sayarwa ma yana iya sauya farashi idan wa'adin da ya rubuta ya wuce, kuma babu wanda zai ce yana bin wani bashi. Inbois na haraji kuwa doka ce ta tanade shi. Dokar harajin sayen kaya, wato VAT, wadda aka kafa a 1993 ta yi aiki daga 1994 zuwa ƙarshen 2025, ta wajabta wa mai sayarwa da ke cikin tsarin harajin ya ba mai saye wannan takarda idan ya sayar masa da kaya, ko an biya nan take ko ba a biya ba. Dokar ta lissafa abin da takardar za ta ƙunsa: sunan mai sayarwa da adireshinsa, lambarsa ta biyan haraji da ake kira TIN, ranar cinikin, sunan mai saye, jimillar kuɗi, da adadin harajin da aka caza tare da kason da aka yi amfani da shi. Kason ya kasance kashi 5 cikin ɗari har zuwa ranar 1 ga Fabrairun 2020, lokacin da ya koma kashi 7.5.

Akwai dalilin da ya sa dillalai ke son fara ba da furofoma, kuma sanin sa yana taimaka wa mai saye. Dokar Kuɗi ta 2020 ta fayyace cewa ana ɗaukar ciniki ya auku ne a lokacin da mai sayarwa ya ba da inbois ko rasit, ko ya karɓi kuɗi, ko lokacin biya ya yi, duk wanda ya riga faruwa. Ma'ana, da zarar dillali ya fitar da inbois na gaskiya, harajin ya hau kansa, kuma zai kai wa hukuma kafin ranar 21 ga watan da ke biye ta wuce. Saboda haka ba ya fitar da shi a kan cinikin da bai tabbata ba. Wannan ne kuma ya sa harajin da aka rubuta a jikin furofoma ba shi da wata daraja a wurin hukuma: dillalin bai bayyana shi ba, bai biya shi ba, don haka babu abin da mai saye zai nemi a cire masa.

Misali daga shagon siminti

A ɗauka wani mai shago a Faskari, wanda ke cikin tsarin VAT, ya nemi farashin buhu 200 na siminti daga wani dillali a Funtuwa. Ranar 27 ga Maris dillalin ya turo masa furofoma ta waya: buhu ɗaya naira 10,000, kuɗin kaya naira 2,000,000, haraji naira 150,000, jimilla naira 2,150,000. A ƙasan takardar an rubuta cewa farashin na kwana bakwai ne. Yaron da ke riƙe da littafi ya ga takarda mai tambari da jimilla, sai ya shigar da ita cikin sayayyar watan Maris.

Mai shagon bai tura kuɗi ba sai ranar 6 ga Afrilu, bayan wa'adin ya wuce, inda ya aika da kafin alƙalami na naira 1,000,000. A lokacin farashi ya koma naira 10,500, kuma motar da ta iso ranar 9 ga wata buhu 180 ta sauke. Inbois na haraji da ya biyo kayan ya nuna kuɗin kaya naira 1,890,000, haraji naira 141,750, jimilla naira 2,031,750.

Ɓarnar farko ta shafi watan Maris. Littafin ya nuna sayayyar naira miliyan biyu alhali ko buhu ɗaya bai shiga sito ba, ya kuma nuna bashin naira 2,150,000 da babu wanda ke bin sa. Idan aka sa naira 150,000 ɗin nan cikin harajin da mai shagon ke neman a cire masa a bayanin watan, to ya nemi abin da ba nasa ba, kuma duk ranar da jami'an haraji suka zo bincike za su soke shi, su nemi cikon kuɗin, tare da tara da kuɗin ruwa da doka ta tanada.

Ɓarna ta biyu tana zuwa a Afrilu, kuma tana iya ɗaukar fuska biyu. Idan yaron ya shigar da sabon inbois ba tare da ya soke tsohuwar shigarwar ba, littafin zai nuna cinikin naira 4,181,750 a kan buhu 180. Idan kuwa ya ce ai ya riga ya rubuta wannan cinikin, ya jefa inbois ɗin cikin aljihun tebur, to mai shagon zai duba littafi ya ga saura naira 1,150,000 ya biya, alhali ainihin abin da ya rage naira 1,031,750 ne. Rarar naira 118,250 ke nan za ta tafi Funtuwa, kuma dawowarta ya danganta ga amanar dillali. Ta biyun ta fi haɗari, domin ninkin lissafi yakan tona kansa saboda girmansa, amma ƙaramar rara irin wannan tana iya shekara ba a lura da ita ba.

Hanyar da ta dace mai sauƙi ce. Ranar 27 ga Maris ba a rubuta komai a littafi. Furofomar tana shiga fayil na takardun da ake jira. Ranar 6 ga Afrilu ana rubuta naira 1,000,000 a matsayin kuɗin da ke hannun dillali, a nemi rasit a kansa, domin har yanzu dukiyar mai shago ce da ba ta zama kaya ba. Ranar 9 ga wata, bayan an ƙirga buhunan an sa hannu a takardar rakiyar kaya, sai a shigar da inbois ɗin, a cire kafin alƙalami daga jimillarsa.

Alamomin da ake dubawa

Abu na farko shi ne kan takardar. Manhajojin lissafi da dillalai ke amfani da su suna buga `PRO FORMA INVOICE` ko `QUOTATION` a kan tayin farashi, suna buga `TAX INVOICE` a kan ta gaskiya. Sai dai hoton da aka turo ta waya sau da yawa an yanke samansa, kuma wasu ƙananan dillalai suna cire takardun biyu daga littafi guda, su rubuta kalmar da biro a gefe. Don haka kan takarda kaɗai bai isa ba.

Abin da ya fi tona asiri shi ne wa'adi. Duk takardar da ta ce farashin zai yi aiki na kwana kaza, ko ta ce farashi na iya sauyawa, tayi ce, domin cinikin da ya riga ya faɗa ba ya buƙatar wannan sharaɗi. Inbois na gaskiya ranar da za a biya yake faɗa. Bayan haka a dubi lamba: ta inbois tana bin jerin lambobin cinikin dillali, ta furofoma kuwa takan zo da jerin dabam, ko ma babu ita. Amma samun lambar TIN da lissafin haraji a jikin takarda ba hujja ba ne, tunda furofoma da yawa suna ɗauke da su. A ƙarshe akwai tambayar da ba ta buƙatar ilimin akanta: shin kayan sun iso? Takardar da ba ta da takardar rakiyar kaya, ba ta da shaidar mai kula da sito, a ajiye ta gefe sai an tambayi dillali.

Kada a ruɗe da wani abu dabam. Ba kowane mai sayarwa ne ke cazar VAT ba. Dokar Kuɗi ta 2019 ta ɗauke wa masu cinikin da bai kai naira miliyan 25 a shekara ba nauyin karɓar harajin har zuwa ƙarshen 2025, sannan kayan abinci na yau da kullum, irin masara da dawar da manoman Daudawa da Mairuwa ke kaiwa kasuwa, ba a ɗora wa mai saye harajin a kansu. Rasit ko inbois na irin waɗannan, idan kaya sun iso, halastaccen kuɗin da aka kashe ne, ana shigar da shi littafi, illa dai babu harajin da za a nemi a cire.

A ofisoshin gwamnati

Ma'aikacin da ke sashen kuɗi ya fi ɗan kasuwa haɗuwa da furofoma. Dokar sayen kayan gwamnatin tarayya ta 2007 ta nemi a karɓi farashi daga aƙalla masu sayarwa uku da ba su da alaƙa da juna a ƙananan sayayya, kuma wannan al'ada ta bazu har ofisoshin jihohi da ƙananan hukumomi. Fayil ɗaya ke nan yana ɗauke da furofoma uku, biyu daga cikinsu na waɗanda ba a saya a wurinsu ba. Amfaninsu ya ƙare da zarar an zaɓi ɗaya an rubuta masa takardar odar kaya. Baucar biya tana tsayawa ne a kan odar, da inbois na mai kawo kaya, da shaidar shigar kayan sito, kuma adadin da ke cikin ukun dole ya zo daidai. Baucar da aka maƙala wa furofoma kaɗai tana cikin abubuwan da masu binciken kuɗi ke fara tsayawa a kai, domin takarda ce da kowa zai iya samowa kyauta ba tare da ya sayi komai ba. Haka ma jami'in da aka ba kuɗin gaba don sayayya ba zai wanke kansa da ita ba, sai da rasit.

Inda furofoma ke da cikakken matsayi shi ne shigo da kaya daga waje. Mai odar kaya yana gabatar da ita ta hannun bankinsa domin buɗe takardar `Form M` da Babban Bankin Najeriya ya wajabta, amma ko a nan izini take samarwa, lissafin ƙarshe yana jiran inbois da ke biyo kayan.

Dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, waɗanda suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, sun bar kason a kashi 7.5, sun kuma sauya hukumar FIRS zuwa NRS. Tun a 2025 hukumar ta fara tsarin inbois na lantarki da manyan kamfanoni, inda kowane inbois ke samun lambar tantancewa da alamar QR da ake dubawa da waya.