Asalin Kalma: Haƙuri

Hausa ta aro kalmomin addini da yawa daga Larabci, amma haƙuri tamu ce ta gida. Larabawa "sabr" suke cewa, daga saiwar da ke nufin tsarewa ko ɗaurewa. Wannan ta shigo mana ta bakin malamai, muka samu sunaye irin su Sabiru da Sabira, sai dai ba ta kori haƙuri daga bakin mutane ba.

Abin lura shi ne aikatau ɗin da ke tafiya da ita. Ana yin haƙuri, ana kuma ba da shi. Idan ka taka ƙafar dattijo a kasuwa ka ce, "Baba, yi haƙuri," laifinka ka amsa. Idan ka je gaisuwar mutuwa ka tambayi mai gida, "Ya haƙuri?" ba laifin kowa a ciki, kana taya shi ɗaukar abin da Allah ya ƙaddara ne. Shi kuma zai ce, "Haƙuri sai ma'aiki," ko "Da godiya." Almajiri ma idan ya yi bara babu abinci a gida, "yi haƙuri" ake ce masa, don kada a ce "babu" tsirara.

"Na haƙura" kuwa a yi hattara da ita. Wani lokaci yafiya ce. Amma idan mai bin bashi ya faɗe ta yana kaɗa kai, ya cire rai da kuɗinsa ne, wataƙila har da hulɗar baki ɗaya.