Tasirin Buɗin Kamfas a Kan Daidaiton Marabin Layi da Marabin Kusurwa

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci zane biyu da ake yi da kamfas da rula kawai: layin da ke ratsa tsakiyar wani layi a tsaye, wanda za a kira marabin layi, da layin da ke raba kusurwa gida biyu daidai, wato marabin kusurwa. An nuna cewa hujja ɗaya ce ke ɗauke da su duka biyun. Daga nan an lissafa irin ɓarnar da zamewar kamfas da milimita 1 ke haifarwa. Sakamakon ya nuna cewa buɗin da aka zaɓa shi ke yanke girman kuskure, kuma al'adar barin kamfas a buɗi ɗaya tun daga farko har ƙarshe tana cutar da ƙunƙuntar kusurwa ƙwarai.

Gabatarwa

Zanen nan biyu suna cikin kashi na farko na littafin Elements na Euclid, wanda ya rayu a Iskandariya wajen shekara ta 300 kafin Miladiyya. Raba kusurwa ita ce mas'ala ta 9, raba layi kuwa ta 10. Kayan aikin biyu ne. Rula ba ta da aiki sai ja layi tsakanin ɗigo biyu, ba a karanta lambobin jikinta. Kamfas kuma zana da'ira yake yi daga cibiyar da aka sani.

A wurin Euclid ɗigo ba shi da faɗi, layi ba shi da kauri, kamfas ba ya zamewa. Ɗalibin da ke zauren jarrabawar WAEC kuwa fensiri ne a hannunsa, da kamfas ɗin da ƙila ƙusarsa ta saki. Littattafan makaranta sukan ce a buɗe kamfas “fiye da rabin layin”, su tsaya nan. Tambayar da wannan bincike ya sa a gaba ita ce: fiye da rabin da nawa?

Marabin layi da hujjarsa

A ɗauki layi AB mai tsawon santimita 8. A buɗe kamfas zuwa santimita 5, a kafa tsininsa a kan A, a zana baka a sama da ƙasan layin. Ba tare da an taɓa buɗin ba, a mai da tsinin kan B, a sake zana baka biyu da za su ratsa na farko. A kira mahaɗar sama P, ta ƙasa Q. Layin PQ shi ne marabin, kuma yana ratsa AB a ɗigon T.

Dalilin ingancinsa ba ɓoyayye ba ne. PA da PB da QA da QB duk tsawonsu ɗaya, domin buɗi ɗaya ne ya zana su. Alwatika PAQ da alwatika PBQ suna tarayya a gefen PQ, sauran gefunansu kuma daidai suke, don haka kusurwa APQ daidai take da kusurwa BPQ. Wannan ya sa ƙananan alwatika APT da BPT su ma suka zama daidai da juna, tunda PA daidai yake da PB, PT nasu ne su biyu, kusurwar da ke tsakani kuma ɗaya ce. Abu biyu suka fito daga nan. AT daidai yake da TB. Kusurwoyi biyun da ke T kuma daidai suke, jimillarsu digiri 180, ke nan kowace digiri 90 ce.

Nisan P daga layin AB ana samunsa ta ƙa'idar Pythagoras. Idan buɗin kamfas r ne, tsawon AB kuma d, to h = √(r² − (d/2)²). Da buɗin santimita 5, h santimita 3 ne. Da buɗin 4.1, h ya faɗo zuwa 0.9. Da buɗin 8.5, ya haura zuwa 7.5. Da buɗin 4 cif, bakunan sukan taɓa juna ne kawai a T, ɗigo ɗaya kuma ba ya ba da layi. Ƙasa da 4 ba sa haɗuwa sam. A takardar hujja duk buɗin da ya wuce 4 layi ɗaya yake bayarwa. A takardar zane ba haka abin yake ba.

Kuskure iri biyu

Kuskure na farko karkata ce. A ce mai zane ya aza rula ya kauce wa P da rabin milimita zuwa gefe, abin da kaurin bakin fensiri kaɗai kan iya jawowa, amma ya dace da Q. Girman karkatar ya dogara ga tazarar P da Q. Da buɗin 4.1, tazarar santimita 1.8 ce kacal, layin kuma zai karkace da kusan digiri 1.6. Da buɗin 5, tazarar 6 ce, karkatar ta koma kusan rabin digiri. Da buɗin 8.5, tazarar 15 ce, karkatar ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na digiri ba. A wannan fuska, babban buɗi ya fi.

Kuskure na biyu gocewa ce, kuma ya fi wuyar ganewa. A ce kamfas ya ƙara buɗewa da milimita 1 a lokacin da aka ɗauke shi daga A zuwa B. Yanzu da'ira biyu ne masu girma daban, r₁ daga A, r₂ daga B. Idan aka debe lissafin da'ira ɗaya daga na ɗayar, za a ga mahaɗunsu biyu suna kan layin da ya goce daga tsakiya da x = (r₂² − r₁²)/(2d), zuwa ɓangaren A. Abin lura shi ne layin PQ har yanzu a tsaye yake cif a kan AB. Ma'aunin kusurwa zai karanta digiri 90, mai dubawa ya gamsu, alhali layin bai bi ta tsakiya ba. Da buɗin 5 da 5.1, gocewar (26.01 − 25)/16 ce, wato kimanin milimita 0.6. Da buɗin 8.5 da 8.6, ta kai kimanin milimita 1.1. Bambancin AT da TB kuwa ninki biyu ne na wannan, fiye da milimita 2 a layin da bai wuce santimita 8 ba.

Ashe ƙaramin buɗi yana jawo karkata, babba yana jawo gocewa. Ana iya ganin dalilin da ido. Idan buɗin ƙarami ne, bakunan biyu sukan kwanta kan juna a tsaye kusa da tsakiya, duhun mahaɗarsu yana bin tsawon marabin kansa, wanda ba ya cutarwa, sai dai P da Q sun matsu. Idan buɗin ya yi girma, bakunan sukan kwanta kan juna a kwance, ƙaramin motsi sai ya ture mahaɗar zuwa dama ko hagu. Bakunan suna gittawa a digiri 90, inda mahaɗar ta fi fitowa sarai, idan r = d/√2. Ga layinmu wannan kusan santimita 5.7 ne. A ra'ayin wannan bincike, buɗin da ya kai kashi biyu cikin uku zuwa kashi uku cikin huɗu na tsawon layin shi ya kamata a koyar, maimakon “fiye da rabi” da ba ta da iyaka.

Marabin kusurwa

A ɗauki kusurwa mai tsini a O. A kafa kamfas a O, a zana baka da zai ratsa hannuwan kusurwar biyu a M da N. Daga M da N a zana baka biyu da buɗi ɗaya, su haɗu a K, can nesa da O. Layin OK shi ne marabin. Alwatika OMK da ONK gefunansu uku daidai suke, saboda haka kusurwa MOK daidai take da NOK.

In aka duba da kyau, wannan marabin layi ne a wata riga. O nisansa ɗaya daga M da N, haka ma K, ke nan OK marabin layin MN ne, ko da ba a ja MN ɗin ba. Euclid ya bi ta ɗaya ɓangaren: a mas'ala ta 10 ya gina alwatika mai gefuna uku daidai a kan layin, ya raba kusurwarta ta sama da mas'ala ta 9. Amfanin wannan dangantaka a nan shi ne lissafin gocewar da aka yi a sama yana aiki kai tsaye, sai dai d yanzu tsawon MN ne, kuma MN yana raguwa idan kusurwar ta ƙuntata.

Babu abin da ya wajabta buɗi na biyu ya zama daidai da na farko. Sharaɗinsa kawai ya wuce rabin MN. Amma masu zane sukan bar kamfas yadda yake don sauƙi. A kusurwa mai digiri 60, da buɗin santimita 6, MN ma santimita 6 ne. Idan kamfas ya zame da milimita 1 tsakanin M da N, K zai goce da kimanin milimita 1, nisansa daga O kuma ya ɗan haura santimita 10. Kuskuren ya tsaya a kusan rabin digiri, wanda ido ba zai kama ba.

A kusurwa mai digiri 10 labari ya sha bamban. Da wannan buɗi na santimita 6, MN bai wuce santimita 1.05 ba. Zamewar milimita 1 ɗin nan za ta ture K da (37.21 − 36)/2.09, wato kusan milimita 6. Nisan K daga O kusan santimita 12 ne, don haka layin zai kauce da kimanin digiri 2.8. Maimakon 5 da 5, sai a samu kusan 2.2 da 7.8. Hannu ɗaya ne, kamfas ɗaya, zamewa ɗaya, amma kuskuren ya ninka sau biyar.

Maganin yana cikin lissafin. A tsawaita hannuwan kusurwar da rula, a yi baka na farko da santimita 12, MN ya zama kusan 2.09. Sannan a rage buɗin zuwa santimita 2 kafin a zana bakunan M da N. Zamewar milimita 1 yanzu tana ture K da kimanin milimita 1 kawai, a nisan santimita 13.7 daga O, kuskuren ya sauko ƙasa da rabin digiri. Baka na farko ya yi tsawo iya abin da takarda ta ɗauka, na biyu kuma ya yi kusa da tsawon MN.

Yadda ake gane zane ya lalace

Tunda ma'aunin kusurwa ba ya tona gocewa, kamfas ɗin kansa za a yi gwaji da shi. A marabin layi, a kafa tsini a T, a buɗe har A, a juya zuwa B. In fensirin bai sauka a kan B ba, layin ya goce, kuma tazarar da ta rage ninki biyu ce ta gocewar. Karkata kuwa ana gane ta ne idan aka sake zana baka biyu da babban buɗi, aka ga mahaɗarsu ba ta faɗa kan PQ ba.

A marabin kusurwa, a nemi ɗigon da OK ya ratsa baka na farko, a kira shi S. A gwada SM da SN da kamfas. A kusurwa mai digiri 10 da bakan santimita 12, kowannensu ya kamata ya zama kusan santimita 1.05, kuma bambancin milimita 1 a tsakaninsu yana nufin marabin ya kauce da kusan rubu'in digiri.